Kurakuran rubuta bayanin miƙa aiki daga muryar da aka ɗauka a asibiti

A asibitocin Kumasi, nas ɗin da ta kwana a bakin aiki takan miƙa wa ta safe wajen ƙarfe 8:00, ga gajiya ga barci, magana kuma tana yawo tsakanin Turanci da Tonanci da Hausa. Idan an ɗauki muryar a waya don a rubuta daga baya, kuskuren da na fi gani shi ne rubutu tun ba a ji ƙarshen zance ba.

Ɗauki misali. Sista, wato nas ɗin da ta kwana, ta ce: "Baba na gado 4, na ba shi farasitamol ɗazu." Sai mai rubutu ta tsayar da waya, ta rubuta, ta tura gaba zuwa mara lafiya na biye. Da ta yi haƙuri kaɗan, da ta ji Sista ta dawo tana cewa: "A'a, wallahi na gado 5 ne, na 4 ya ƙi sha." Baki yakan gyara kansa a makare. Don haka a saurari muryar dukanta sau ɗaya kafin a taɓa biro, a rubuta a sauraro na biyu. Lambar gado ma ba ta isa shaida ba, domin ana canja wa mutane gado. A haɗa da suna da lambar folda.

Sai kalmar "ɗazu", wadda ba ta da gurbi a takardar asibiti. Idan likita ya rubuta farasitamol giram 1 kowane awa 6, ba a wuce giram 4 a yini, to lokacin shan baya shi ke yanke na gaba. A buɗe katin magani. In an sa hannu a 06:00, a rubuta 06:00, na gaba 12:00. Wadda ta sa lokacin da aka ɗauki muryar ta jinkirta maganin da awa biyu, wadda ta bar wurin fayau kuma ta buɗe ƙofar a sake ba shi da wuri. In katin babu sa hannu, kada a cike da zato, a kira Sista tun ba ta hau mota ba.

Akwai wani kuskure da ƙarar fanka ke haddasawa: "za a ɗebi jini" da "an ɗebi jini" kusan ɗaya suke a kunne. Ana gane an yi wannan kuskure idan azahar ta yi babu sakamako, ɗakin gwaji kuma suka ce ba su ga komai ba. Ni dai nakan raba shafi gida biyu, abin da aka gama da lokacinsa, da abin da ya rage da sunan wanda zai yi.

Muryar kanta sirrin marasa lafiya ce, kuma dokar kare bayanan mutane ta Gana ta 2012 ta shafe ta. A nemi izinin shugabar ɗaki kafin ɗauka, kada a tura ta a WhatsApp, a goge ta da zarar Sista ta karanta rubutun ta sa hannu.