Yadda ake karya farashin kaya ɗaya don janyo ciniki ba tare da an ci uwar kuɗi ba

Dabarar kanta ba wuya gare ta ba: ka zaɓi kaya guda a kantinka, ka sayar da shi kusan yadda ka saro, mutane su shigo saboda shi, su fita da wasu kayan da kake cin riba a kansu. Inda sababbin 'yan kasuwa ke faɗuwa shi ne lissafi. Suna ganin kanti ya cika sai su ɗauka an dace, ƙarshen wata kuma a duba aljihun tebur a ga ba haka ba. Don haka a kan lissafin zan fi tsayawa.

Mataki na farko, zaɓen kaya. Dole ya zama abin da mutane suka haddace farashinsa, suke kuma saye a kai a kai, kamar sabulu. In ka rage kuɗin abin da ba wanda ya san nawa ake sayar da shi, ba mai lura, kyauta kawai ka yi. Ni ban yarda a zaɓi kaya mai tsada ba, ko wanda ake saye sau ɗaya a shekara, domin mai sayensa shi kaɗai ya zo ɗauka. Kayan kuma ya kasance yana da abokan tafiya: mai sayen sabulu yana iya tuna soso, man shafawa da man goge baki. Masu ƙera firinta sun daɗe da gane wannan, suna sayar da na'urar da araha, ribar tana cikin tawada. Kamfanin Costco mai manyan kantuna a Amurka ma ya bar burodi da tsiran nama haɗe da lemo a kan dala 1.50 tun 1985, bai ƙara ba, don dai mutane su riƙa zuwa.

Mataki na biyu shi ne wanda ake tsallakewa: kafin ka taɓa farashi, ka rubuta yadda cinikinka yake yanzu. Mako biyu ko uku sun isa. Guda nawa na kayan ke fita a mako, mutum nawa ke shigowa, kuma ribar nawa kake samu a kan mutum ɗaya a sauran kaya. Littafin rubutu ya wadatar, kada wani ya sa ka sayi manhaja saboda wannan.

Yanzu lissafin. Mu ƙaddara kana saro sabulu a kan 100, da kuɗin dako a ciki, kana sayarwa 120. A mako guda 200 ke fita, ribarka 4,000 ke nan. Sai ka mayar da shi 102. Ciniki ya tashi, ka sayar da 500. Ribar sabulu yanzu 1,000 ce. Wato giɓin da ya buɗe 3,000 ne, alhali ba ka sayar da ko guda ɗaya ƙasa da kuɗin sari ba.

Nan ne mutane ke ruɗewa. Suna cewa ai ban faɗi ba, har biyu-biyu nake ci. Sun manta da tsofaffin kwastomomi. Waɗanda suka saba sayen guda 200 ɗin nan da sun biya 120 ba musu, yanzu ka yafe musu 18 a kan kowane guda ba su roƙe ka ba. Wannan yafiyar ita ce ainihin kuɗin da ka kashe a dabarar, kuma baƙin fuska ne kaɗai za su iya biyan ta.

To baƙin fuskar nawa ne? Ƙarin sabulu 300 ne. In kowa ya ɗauki biyu, mutum 150 ke nan. A ce duk wanda ya haɗa da wasu kaya yana bar maka ribar 50. Ka raba 3,000 da 50, ka sami 60. Sai mutum 60 cikin 150 sun sayi wani abu kafin ka koma inda kake a da, huɗu cikin kowane goma. In rabinsu suka saya, mutum 75, ka sami 3,750, ka ci gaba da 750. In kashi ɗaya cikin uku ne, mutum 50, ka sami 2,500, ka koma baya da 500 duk da cunkoson da aka yi maka da gajiyar yaran shago. Tazarar da ke tsakanin waccan riba da wannan faɗuwa mutum 25 ce kacal a mako guda.

Akwai kuma abin da ke ɓoye. Ba duk ƙarin 300 ɗin baƙi suka saya ba. Sabulu ba ya lalacewa, don haka tsohon kwastoma da ya ga araha zai kwashi na wata guda ya ajiye. In guda 100 a ciki irin wannan ne, baƙinka sun koma mutum 100, kuma a makonni masu zuwa cinikin sabulu zai yi ƙasa da yadda ya saba, ribar 2,000 da za ka ci nan gaba ta tafi. Alamar wannan a fili take: in ka mayar da farashi, sai kayan ya kwanta a kanta mako ɗaya ko biyu. Shi ya sa ba a yanke hukunci da cinikin makon rangwame kaɗai, sai an haɗa da makonnin da suka biyo baya.

Mataki na uku, ka sa iyaka tun ranar farko, biyu ko uku ga mutum ɗaya, a rubuce a jikin allo. In ba haka ba, ƙananan 'yan kasuwa ne za su fara zuwa, domin 102 ɗinka ya fi musu sauƙi a kan wajen dila. Su kwashe katan-katan kafin hantsi, wanda ka yi abin dominsa ya zo a ce masa ya ƙare. Wannan ya fi faɗuwar kuɗi muni, don zai ɗauka yaudara ce. Ka tanadi kaya aƙalla ninki uku na abin da ka saba sayarwa, in jarinka bai kai ba ka rage kwanakin.

Mataki na huɗu, wurin ajiya. Tallar tana bakin ƙofa, kayan yana can ciki, abokan tafiyarsa suna gefensa da kan hanyar zuwa wurin biya. Kada ka ƙara wa sauran kayan kuɗi a makon don cike giɓi. Masu saye suna ganewa.

Sauran a taƙaice. Ka sa ranar farawa da ranar gamawa, mako ɗaya ya isa gwaji, in ya daɗe mutane za su ɗauki 102 a matsayin farashin gaskiya su ga 120 zalunci ne. Ka bincika dokar ƙasarka kafin ka sauka ƙasa da kuɗin sari, domin wasu ƙasashe, irin su Faransa, sun hana sayar da kaya ƙasa da yadda aka saro sai a wasu keɓaɓɓun yanayi. Ka kuma sanar da dilanka, wasu ba sa son a karya darajar kayansu. Kullum da yamma ka ware rasit gida biyu, masu sabulu kaɗai da masu sabulu da wani abu. In bayan kwana uku baƙin da ke haɗawa da wasu kaya ba su kai huɗu cikin goma ba, ka matso da abokan tafiyar kusa ko ka ɗaga farashin zuwa 110, ka sake lissafin daga farko da ribar 10 a maimakon 2.