Sanarwar kama gurbin aji cikin haruffa 60

Salamu alaikum ƴan uwa. Wata malama ta tambaya jiya yadda za ta gajarta sanarwar da ke fita idan ɗaliba ta kama gurbi. Ga yadda muka yi a ajinmu na tajwidi a nan Jidda, inda manhajar da muke tura sanarwa da ita ta ba mu haruffa 60 kacal, kuma tazarar tsakanin kalmomi ma harafi ce.

Da farko mun rubuta "Assalamu alaikum, muna farin cikin sanar da ku cewa". Wannan kaɗai ya cinye 51, ba a faɗi komai ba. Sai mata suka dinga kira suna tambayar yaushe ne karatun. Dole muka bar sallama, duk da abin ya yi mana nauyi a baki. Yanzu ga abin da ke fita:

An kama miki gurbi: Tajwidi, Asabar bayan La'asar, aji 2

Haruffa 56 ke nan. Sunan rana muka sa da gangan. In kika rubuta 5/4, wata za ta ɗauka Hijira ce, wata Miladiyya. "Bayan La'asar" kuwa ya fi ƙarfe kaza, tunda lokacin salla yana matsawa, karatun kuma shi yake bi.

Mun ce "aji" maimakon "ɗaki" saboda wani lokaci saƙon yakan koma tes. Tes ɗaya yana ɗaukar haruffa 160, amma in ɗ ko ƙ guda ɗaya ta shiga, sai ya dawo 70.

Ki fara tura wa wayarki, ki duba sanarwar wayar tana kulle, ki ga inda ya yanke.