Yadda Ake Zaɓen Aski Ga Mai Zagayayyiyar Fuska Da Mai Doguwar Fuska

Yawancin waɗanda ke tashi daga kujerar aski suna ɓata rai, ba hannun mai askin ne ya cuce su ba. Hoton wani suka nuna a waya suka ce a yi musu irinsa, alhali mai hoton fuskarsa daban, tasu daban. Yaran da ke koyon aski ma haka suke, da zarar sun iya salo ɗaya sai su ɗora wa duk kan da ya zo gabansu. Abin da za ka riƙe shi ne, duk inda aka bar suma, can ido zai ga kai ya ƙaru. Aka bar ta a sama, fuska ta ƙara tsawo. Aka bar ta a gefe, fuska ta ƙara faɗi.

Mataki na farko, auna fuskarka

Kada ka dogara da hoton da ka ɗauki kanka da hannunka. Kyamara idan ta matso kusa tana kumbura hanci da goshi, ta tura kunnuwa baya, sai ka ga fuskar da ba taka ba. Ka sa wani ya tsaya kamar mita 2 daga gabanka, wayar daidai idonka, kai kuma ban da murmushi, domin murmushi na ɗaga kumatu.

Sai ka ɗora rula a kan hoton. Auna daga inda gashi ya fara a goshi zuwa ƙarshen haɓa, sannan ka auna faɗi daga ƙashin kunci zuwa ɗaya ƙashin, ba tare da kunnuwa ba. A lissafina, idan tsawon bai ɗara faɗin da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ba, ga kumatu a cike, muƙamuƙi ba kusurwa, fuskarka zagayayya ce. Idan tsawon ya kai faɗin sau ɗaya da rabi ko ya wuce, doguwa ce. Wanda ya faɗo tsakani, ya gode wa Allah, kusan kowane aski zai karɓe shi.

Mataki na biyu, san lambobin inji

Matajin robar nan da ake maƙala wa bakin injin aski kowanne da lambarsa. Lamba 1 tana barin gashi kamar milimita 3, lamba 2 milimita 6, lamba 3 wajen 10, lamba 4 kuma 13. Ka riƙe su, domin "a rage kaɗan" ba awo ba ne. Kaɗan ɗinka daban, kaɗan ɗin mai aski daban.

Mataki na uku, inda shafe gefe zai tsaya

Nan ne aski ke lalacewa, kuma nan ne ba wanda ke tambaya. Ɗora tafin hannunka a gefen kanka sama da kunne, ka tura shi sama a hankali. Za ka ji wurin da ƙashin kai ya daina miƙewa ya fara lanƙwasa zuwa tsakar ka. Wannan kwanar ita ce wuri mafi faɗi a kanka, kuma duk maganar tana kanta.

A ce ga mutum, tsawon fuskarsa santimita 18, faɗinta 15. Zagayayyiyar fuska ke nan. Idan aka shafe masa gefe iya ɗan yatsa biyu sama da kunne aka tsaya, sumar da ta rage za ta taru daidai kan wannan kwana. Gashi mai murɗewa kuwa baya kwanciya, fita yake yi waje. Sai kan ya buɗe ta sama kamar lema, a ƙasa ga kumatu, an ƙara wa faɗi faɗi. Abin da ya dace da shi, a sa bakin inji tsirara ko lamba 1 wajen saje, a hau da lamba 2 har a cimma kwanar, a haɗe ta da sama ba tare da barin tudu ba. A saman kai a bar masa santimita 2 zuwa 4, gwargwadon yadda yake so.

Saman ma akwai magana. Mai koyo yakan bi siffar kai ya zagaye sumar sumul, ya ga ta yi kyau. To ya zana wa fuskar da'ira ta biyu ke nan. Gefen sumar ya miƙe tsaye, saman ya ɗan baje, inda suka haɗu a bar 'yar kusurwa. Ni dai ban yarda mai kumatu ya yi aski lamba ɗaya kai duka ba, balle ƙwal, sai dai in sanƙo ne ya tilasta masa.

Yanzu ɗauki wani, tsawo 20, faɗi 13. Wannan idan aka yi masa askin na farko an gama da shi, don an kankare ɗan faɗin da yake da shi, an kuma ɗora masa tsawo a kan tsawo. Shi gefensa ake lallaɓawa. A share ƙasa-ƙasa kawai, wajen saje da ƙeya, kada ya haura ɗan yatsa ɗaya sama da kunne. Daga nan zuwa kwanar a bar lamba 3 ko 4, saman kuma kada ya yi wa gefen nisa. Gefe lamba 3, sama lamba 4 ko ɗan fiye, ya wadatar. Zagayayyiyar sumar da na hana wancan, ita ce take yi wa wannan kyau.

Yadda za ka gane an kuskure tun kana kan kujera: kalli madubi kai-tsaye, ba ta gefe ba. Mai zagayayyiyar fuska, idan sumar ta fi kumatunka fitowa waje, ka ce a ƙara hawa da shafin. Mai doguwar fuska kuwa, idan ka fara hango fatar kai a sama da kunne da nisa, ka tsayar da shi nan take. Shi ya sa nake cewa a fara da babbar lamba a sauko. Eh, yana cin lokaci, mai askin da ke da layi ba zai so ba, amma abin da aka bari ana iya ragewa, wanda aka cire kuwa sai jira, gashi kuma kamar santimita 1 yake yi a wata.

Layin goshi da gemu

Mai doguwar fuska kada ya yarda a ci masa layin goshi a tura shi baya don ya fito tas. Duk abin da aka ci, goshi aka ƙara wa. A bi layin da Allah ya yi, a share 'yan tsirarun da suka fito kawai. Mai zagayayyiyar fuska a yi masa layi miƙaƙƙe mai kusurwa a gefen goshi biyu.

Gemu ma lissafin ɗaya ne. Mai kumatu ya rage ƙasumba sosai ya bar tsawo a haɓa. Mai doguwar fuska ya cika kumatu, ya yi wa haɓa saisaye, kuma gashin baki na taimaka masa don yana yanke tsawon a tsakiya.

Askin mai zagayayyiyar fuska shi ke saurin ɓaci, domin gefen na tsirowa faɗin ya dawo, don haka ya koma a taɓa masa gefe kawai bayan mako biyu. Mai doguwar fuska na iya kai mako uku ko huɗu, saman kawai zai riƙa dubawa kada ya yi tozo.