Babi na Shida: Hanta da Barasa, Giram Bakwai a Awa Ɗaya

'Yan'uwa masu karatu, ku tanadi biro da takarda, akwai ɗan lissafi a gaba. Ba mai wuya ba ne, kuma tare za mu yi shi.

Darasi na 1: Ina barasa take zuwa?

Abin da ke sa maye a cikin kowace irin giya sinadari ɗaya ne, sunansa itanol. Ku furta shi a hankali: i-ta-nol. Idan aka sha, kaɗan yana shiga jini tun daga ciki, amma mafi yawansa sai ya gangara ƙaramin hanji. Daga hanji, wata babbar jijiya take kai jinin kai tsaye zuwa hanta, wadda ke gefen dama, ƙarƙashin haƙarƙari. Abin da hanta ba ta kama ba a wannan wucewar sai ya zagaya jiki, ya kai ƙwaƙwalwa. Mayen ke nan.

Numfashi da fitsari da gumi suna fitar da itanol, amma duk su ukun a haɗe ba sa kai kashi 10 cikin 100. Sauran kashi 90 da ɗoriya a wuyan hanta yake.

Darasi na 2: Matakai uku

Hanta ba tace barasa take yi kamar rariya ba. Sauya ta take yi zuwa wani abu dabam, mataki bayan mataki. Masu yin aikin wasu ƙananan sinadarai ne da ake kira inzayim. Mu a nan za mu ce musu ma'aikata.

Ma'aikaci na farko, a littattafan likita ana rubuta shi ADH. Shi ne yake kama itanol, ya cire masa wani sinadari mai suna haidurojin, ya mayar da shi asitaldihaid. Sunan yana da tsawo, ku rarraba shi: asi-tal-di-haid. Wannan abu guba ne, ya fi itanol ɗin kansa illa. Yana jawo jan fuska da tashin zuciya da bugun ƙirji, kuma yana cikin abubuwan da ke haddasa ciwon daji.

Shi ya sa ma'aikaci na biyu, wato ALDH, ba ya barin gubar ta zauna. Nan take yake mayar da ita asitet, wanda ba ya cutarwa kamar ta. A mataki na uku, asitet ya fita daga hanta ya bi jini zuwa tsoka da zuciya, su ƙona shi, ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa a numfashi.

Ku rufe littafin ku faɗa: itanol, asitaldihaid, asitet, ruwa da iska. Wanda ya kakare a na biyu ya sake dubawa, ba abin kunya ba ne.

Darasi na 3: Abin da ya sa hanta ba ta ƙara sauri

A nan mafi yawan masu koyo suke tuntuɓe, don haka ba za mu yi gaggawa ba.

Ma'aikatan nan biyu ba sa aiki hannu wofi. Duk lokacin da suka cire haidurojin, sai sun zuba shi a wani mazubi mai suna NAD+. Ku ɗauke shi kamar kwando. Kwando ya cika, sai an je an juye shi an dawo da shi, kuma kwandunan ƙidayayyu ne. Ga shi kuma ADH ɗin kansa ba shi da yawa. Kofi ɗaya na giya ya isa ya cika hannun kowa. Duk abin da aka ƙara bayan haka layi zai bi a cikin jini, yana zagayawa yana jiran a zo kansa.

Saboda haka hantar babban mutum mai nauyin kilo 70 tana sarrafa kusan giram 7 na itanol a awa ɗaya. Wani ya ɗara kaɗan, wani bai kai ba, musamman mai ƙaramin jiki ko mai ciwon hanta. Amma ga mutum ɗaya, adadin kusan a tsaye yake. Ya sha kwalba ɗaya, giram 7 a awa. Ya sha shida, giram 7 a awa.

Yanzu lissafi. Mutum mai kilo 70 ya fara sha ƙarfe 8 na dare, ya sha kwalba 4. Kowace kwalba mililita 500 ce, kuma a jikinta an rubuta 5%. Wannan alamar tana nufin kashi 5 cikin 100 na ruwan itanol ne.

Ku rubuta: 500 × 5 ÷ 100 = 25. Mililita 25 ke nan na itanol a kwalba ɗaya. Itanol bai kai ruwa nauyi ba, mililita ɗaya kusan giram 0.8 ce. To, 25 × 0.8 = 20. Giram 20 a kwalba, kwalba 4 giram 80. Sai a raba da 7: 80 ÷ 7 ya ba da 11 da 'yar saura, a ce awa 11 da rabi. Ku ƙirga daga lokacin da ya fara sha, domin tun lokacin hanta ta kama aiki. Daga 8 na dare, sai 7 da rabi na safe.

Idan ya tashi ƙarfe 6 zai hau mota fa? Awa 10 sun wuce, 10 × 7 = 70, saura giram 10 a jikinsa. Ya yi barci, ya yi wanka, yana jin ya wartsake, amma hanta ba ta gama ba. Kuma wannan ƙiyasi ne, ba izinin tuƙi ba.

Ku gwada da kwalba 8. Giram 160, a raba da nawa? Da 7. Ba da 14 ba. Kullum sai an sami mai cewa tunda giyar ta ninka, hanta ma za ta ninka ƙoƙari. Haba dai! Sau nawa za a faɗa? Kwandunan ba su ƙaru ba, ma'aikatan ba su ƙaru ba. Lokacin ne yake ninkawa: kusan awa 23. Wanda ya rubuta 14 ya goge, ya koma farkon darasin nan ya karanta da babbar murya. Giram 7 a awa ɗaya.

Darasi na 4: Dabarun da ba sa aiki

Kofi mai ƙarfi yana korar barci, ba ya taɓa ADH. Wanka da ruwan sanyi, guje-guje, shan ruwa da yawa, duk haka. Abinci kafin sha yana rage saurin shigar itanol cikin jini, amma wanda ya riga ya shiga sai ya bi layi.

Ku kuma sani, bayan kurɓar ƙarshe itanol yana ci gaba da hauhawa a jini na rabin awa zuwa awa ɗaya ko fiye, domin akwai saura a hanji. Wanda ya bugu ya kwanta, a juya shi gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Idan an tashe shi ya ƙi tashi, ko numfashinsa ya yi ƙasa sosai, asibiti nan take.

Darasi na 5: Inda ake samun matsala

Idan kwanduna duk sun tafi aikin barasa, sauran ayyukan hanta suna tsayawa. Ba ta iya haɗa sukari yadda ya kamata, don haka sukarin jinin wanda ya sha da yunwa yana iya faɗuwa. Kitse kuma yana taruwa a cikinta.

A gabashin Asiya, kusan mutum ɗaya cikin uku ya gaji ALDH mai rauni, sai gubar ta taru fuska ta yi ja. Maganin disulfiram ma, wanda ake ba masu son daina shan giya, wannan ma'aikacin yake ɗaurewa da gangan.

Darasi na 6: Aiki

Kwalba 2, kowace mililita 500, 5%. An fara sha ƙarfe 9 na dare. Giram nawa? Ƙarfe nawa hanta za ta gama?