In kuɗin adireshin .com ya wuce ka, biya tun a kwanakin farko

Masu shafin intanet, kada ku jira saƙo na uku. Kamfanin da ya yi maka rajistar adireshin yakan tunatar da kai saura wata guda, sai saura mako guda, sannan cikin kwana 5 bayan cikar wa'adi.

Daga nan akwai ɗan sassauci da ba ya wuce kwana 45. Shafinka da imel ɗinsa na iya tsayawa, amma galibi kuɗin da ka saba za ka biya.

In aka soke adireshin, kana da kwana 30 na fansa, da tara mai tsada. Sai kwana 5 da ba a karɓar komai, bayan su kowa na iya sayen adireshin.

Hattara, wasu kamfanonin sassaucinsu gajere ne ƙwarai, har sukan yi gwanjon adireshin. Duba katin bankinka yau, in ya mutu ba a iya cire kuɗin sabunta adireshin.