Darasi na 9: Wasiƙar ma'aji zuwa banki

A wata ƙungiyar gama kai ta 'yan gwari a kasuwar Mile 12 da ke Legas, mutum 80 ne ke zuba naira 5,000 kowane mako ta banki. Layi 320 ke nan a bayanin asusu kowane wata, ban da kuɗin da ke fita. Banki na ba ma'aji bayanin asusu a takarda, shi kuma ya kwana yana kwafa yana neman wanda bai biya ba. Da a ce fayil ɗin Excel ko CSV aka turo masa, wato irin fayil mai jadawali da ake iya yin lissafi a cikinsa, kwamfuta ce za ta jera sunaye ta yi jimla. Kada a ce "ku turo ta imel" kawai, domin PDF za a turo, wanda kusan hoton takardar ne.

Ga wasiƙar. A Legas da Turanci ake miƙa ta, amma ku fara tsara ta da Hausa don ku san abin da kuke sa wa hannu.

Zuwa ga Manaja,

Neman bayanin asusu a fayil ɗin Excel

Ni ne ma'ajin wannan ƙungiya, mai asusu a reshenku. Muna roƙon ku turo mana bayanin asusunmu daga 1 ga Janairu zuwa 30 ga Yuni a fayil ɗin Excel ko CSV maimakon bugaggun takardu, ta adireshin imel ɗin da kuke da shi a rajista. Daga nan kuma a riƙa turowa ƙarshen kowane wata. Idan akwai caji, a sanar da mu tukuna. Mun gode.

A saman wasiƙar a sa sunan asusu da lambarsa mai alƙaluma 10. A rubuta ta a takarda mai tambarin ƙungiya, kuma waɗanda banki ya san sa hannunsu su sa hannu. Idan ƙa'idar asusun mutum biyu ce, ma'aji ya sa hannu shi kaɗai, za a iya dawo da ita. A je da kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a dawo da shi.

Fayil ya zo? Kada a taɓa na asali, a yi kwafi a yi aiki a kansa, don abin da ake iya gyarawa ana iya ɓata shi. Sannan a gwada: an buɗe wata da naira 400,000, an zuba 1,600,000, an cire 1,250,000 har da cajin banki. Dole a rufe da 750,000. In bai yi daidai ba, wataƙila an goge wani layi. A duba kwanan wata ma, domin kwamfuta kan ɗauki 3/4 a matsayin 4 ga Maris alhali 3 ga Afrilu ne.

Mai binciken kuɗi kuwa takarda mai hatimin banki zai nema, saboda haka a karɓi wannan ma ƙarshen shekara.

Aiki: Rubuta irin wannan wasiƙa, ka nemi bayanin wata 3 da suka wuce.