Yadda za ka saurari jawabinka da ka naɗa a waya ka gano inda yake da gyara

A ce an ba ka minti biyar ka gabatar da rahoton kuɗi a taron ƙungiya, ka kuma gwada shi a gida ka naɗa a waya. Idan ka kunna ka zauna kana jira ka ji ko ya yi daɗi, abin da kawai za ka tashi da shi shi ne muryarka ba ta burge ka ba. Kada wannan ya ɗauke maka hankali. Lokacin da kake magana, sautin yana isa kunnenka ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanka, shi ya sa kake jin muryar da kauri. Waya kuwa abin da ya bi iska kaɗai take ɗauka, kuma shi ne abin da mutane suka saba ji daga bakinka. Aikin da ke gabanka ƙirga ne da rubutu, kuma kowane saurare da abu guda da ake nema a cikinsa.

Kafin komai, naɗin ya yi kyau. Ajiye wayar a kan tebur, tazarar kamar taƙi ɗaya ko biyu daga bakinka, ka ɗan karkatar da ita gefe don kada iskar baki ta riƙa bugun makirfo. Kashe fanka, ka nisanci ƙarar janareta. Idan a tsaye za ka yi jawabin, to a tsaye za ka naɗa, domin numfashin wanda ke tsaye daban yake da na wanda ya kishingiɗa. Ka yi shi daga farko har ƙarshe ba tsayawa, ko da ka yi tuntuɓe. Wanda yake tsayawa yana sakewa yana goge ainihin abin da ya zo nema. Sannan ka bar shi ya kwana. Idan ka saurara nan take, abin da ka yi niyyar faɗa yana nan a kanka, kunnenka zai riƙa cike duk giɓin da bakinka ya bari.

Saurare na farko na auna saurin magana ne. Ɗauki biro da takarda, ka zaɓi wurare uku, farko da tsakiya da dab da ƙarshe, kowanne daƙiƙa 30. Rubuta duk abin da ka faɗa a kowane wuri, ka ƙirga kalmomin, ka ninka biyu, ka samu adadin kalmominka a minti ɗaya. Misali, a farko ka samu 60, wato 120 a minti. A tsakiya 68, wato 136. A ƙarshe 85, wato 170. Abin dubawa a nan shi ne tazarar da ke tsakanin 120 da 170. Tana nuna cewa ka ɓata lokaci a gaisuwa da godiya, da ka hango minti biyar na neman cika sai ka kwasa a guje, kuma daidai wurin ne alƙaluman kuɗin suke. Maganin wannan yana cikin takardar jawabin: ka rage gabatarwa, ko ka cire wani sashe gaba ɗaya. Cewa kanka "zan riƙa yi a hankali" ba ya aiki matuƙar maganar ta fi ƙarfin lokacin.

Kada ka auna kanka da alƙaluman da aka tsara don wani harshe. Hausa cike take da gajerun kalmomi irin su "ya", "ta", "na", "da", waɗanda suke kumbura lissafi. Ma'auni mafi dacewa shi ne ka samu mai karanta labarai a rediyo wanda kake fahimtarsa ba wahala, ka yi masa irin wannan ƙirgar, ka kwatanta da taka.

A wannan sauraren kuma ka lura da inda kake dakatawa. Ja layi a takarda duk inda ka ja numfashi. Idan layukan suna faɗowa a tsakiyar magana, kamar "kuɗin da aka tara daga" sannan numfashi sannan "mambobi", to jimlolinka sun fi numfashinka tsawo, sai ka raba su biyu. Bayan kowane adadi mai muhimmanci ana so a ji shiru na kamar daƙiƙa ɗaya, domin masu sauraro su samu damar riƙe shi.

Saurare na biyu na fitar magana ne, kuma a nan ya fi kyau ka ajiye takardar jawabin nesa. Sa abin ji a kunne, ka rage saurin kunnawa zuwa 0.75x idan manhajar tana da shi. Mafi yawan matsala a ƙarshen jimla take, inda iska ta ƙare murya ta faɗi, gaɓar ƙarshe ta ɓace. A hira ba komai, mutane za su cike da kansu. A rahoton kuɗi kuwa "biyu" da "biyar" gaɓar ƙarshe ce kaɗai ta raba su, "talatin" da "tamanin" kuma suna iya zama abu ɗaya ga wanda ke zaune a bayan zaure. Haka sunayen mutane da na garuruwa, don mai sauraro ba ya iya hasashensu. Ka kuma saurari ɓ da ɗ da ƙ da ts, waɗanda suke laushi idan ana gaggawa, har "ƙafa" ta koma "kafa".

Gwaji mafi gaskiya shi ne ka ba wani wanda bai san jawabin ba, ka kunna masa ta lasifikar waya daga ɗaya ɓangaren ɗaki, ka ce ya rubuta duk adadi da sunan da ya ji. Duk inda ya rubuta daban da abin da ke takardarka, ga wurin gyara nan. Kada ka tambaye shi ko ya yi kyau, zai ce ya yi.

Saurare na uku na saraye ne, kalmomin da suke kama baki: "wato", "ka gane", "to", "a gaskiya", "abin nan", da jan "eee" kafin a fara jimla. Rubuta su a jere, ka riƙa yin ɗigo a gaban kowacce duk lokacin da ta fito, tare da mintin da ta fito. A ce ka samu "wato" 22, "ka gane" 4. Rabu da "ka gane", ka duba inda "wato" ta taru. Sau da yawa za ka tarar sun cunkushe a wuri ɗaya ko biyu, inda kake tsallakawa daga wani batu zuwa wani ba ka shirya gadar ba, ko inda kai kanka ba ka gama fahimtar lissafin ba. Rubuta jimlar da za ka shiga sabon batun da ita, ka haddace ta. Inda kuma bakinka ya nemi cewa "wato", ka rufe shi ka yi shiru. Shirun da kake ji kamar ya yi tsawo, idan ka duba a naɗin da wuya ya wuce daƙiƙa biyu.

A naɗi na gaba, gyara guda ɗaya ka sa a gaba, wanda ya fi cutar da fahimta, a wannan misalin gudun da kake yi a kan alƙaluma. Wanda ya ce zai gyara sauri da furuci da saraye a lokaci ɗaya yakan koma yana magana kamar mai karatun haruffa. Ka naɗa a ɗaki ɗaya da tazara ɗaya, ka sa wa fayil ɗin kwanan wata, ka sake ƙirga wuraren nan uku. Idan 170 ta sauko kusa da 136 kuma jawabin bai wuce minti biyar ba, sai ka koma kan ƙarshen jimloli.